Ramin marmara a rahoton fili: sakseshan na farko ne ko na biyu?

Ummi_Bayoloji:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce aka kai ajinmu aikin fili wajen Kujama, an ba mu sati huɗu mu kawo rahoton da zai kwatanta sakseshan na firamare da na sakandare, wato yadda tsirrai ke gadon juna a fili bayan wani abu ya share shi. Rukuninmu ya auna wuri uku. Akwai saman wani fa, akwai saurar da mai ita ya ce shekara biyar rabonsa da nomanta, sai wani rami da aka ɗebi marmara don aikin titi, mutanen wurin sun ce ya kai shekara huɗu. Fan da saurar ba mu da gardama a kansu. Ramin ne ya raba mu, rabinmu na cewa na farko ne tunda an kwashe ƙasar sama, rabi na cewa na biyu ne tunda da can daji ne a wurin. Mun samu nau'in tsiro 6 a kan fa, 11 a rami, 27 a saura. Wanda ya san abin ya taimaka mana don Allah.

Abban_Sadik:
Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina ɗan firamare ba a kai shi irin wannan fita, ga rami ga dutse. 'Yan sakandare ma sai da malamai biyu ko uku.

Ummi_Bayoloji:
Abban Sadik, ba makaranta ake nufi ba, tsirrai ne. Na firamare shi ne wanda ya fara daga inda babu ƙasa ko kaɗan, na sakandare kuma inda ƙasar tana nan.

Abban_Sadik:
Af, to na shiga gonar da ba tawa ba. Bari in koma gefe in sha karatu.

ƊanKawo_99:
Abin ba wuya. Mu da muka yi kwas ɗin haka muka haddace: aman wuta, ƙanƙara da sabon tsibiri na farko ne, gobara da noma da sare daji na biyu ne. Ramin ɗan Adam ne ya haƙa shi a inda daji yake, don haka na biyu ne. A kan dutsen kuma ki rubuta laikin, wato busasshen tsiron nan mai mannewa a jikin dutse kamar ɓawo, shi ne ke fara zuwa, sai gansakuka, sai ciyawa, sai ƙananan itatuwa, sai kurmi. Ki ƙara da cewa na farko yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru, na biyu gommai. Shi ke nan kin ci makinki.

Baba_Gandu:
Ɗan Kawo, maganar tsawon lokaci ka yi daidai, amma rabon da ka yi da sunan abin da ya faru shi ne zai kai yarinyar nan ya baro ta. Ba a tambayar me ya auku, ana tambayar me ya rage bayan ya auku.

Ga misalin da za ta iya sa wa a rahoto. Dutsen St. Helens na Amurka ya yi aman wuta a 1980. Aman guda ɗaya ne, amma kusa da bakin dutsen toka mai zafi ta binne komai da zurfi, sai da iri ya zo daga waje. Can nesa kaɗan kuwa, ƙananan itatuwan da dusar ƙanƙara ta rufe sun tsira, saiwoyi a ƙarƙashin toka marar kauri sun sake tohowa. Ka ga aman wuta ɗaya ya haifar da iri biyun duka.

Ummi ɗiyata, abu uku za ki nema a kowane wuri: ƙasar sama mai ruɓaɓɓen ganye, irin da ke kwance a cikinta, da kututture ko saiwa mai rai. A saurarku duka ukun suna nan. A kan fa babu ko ɗaya. Ramin kuma sai kin gaya min zurfinsa, da inda kuka ajiye kwadarat ɗinku, wato firam ɗin da kuke ƙirga tsirran da ke cikinsa.

Ummi_Bayoloji:
Baba na gode. Zurfin ya kai mita biyu a tsakiya. Kwadarat goma muka jefa, masu mita ɗaya a kan mita ɗaya. Da na duba littafina, shida suna gindin gangaren bakin ramin, huɗu suna tsakiya. Tsakiyar jan fako ne, da ƙyar sanda ke shiga. Ciyawar duk a gefe ta fi yawa.

Baba_Gandu:
To kin ga inda gizo ke saƙar. Kun haɗa wuri biyu kun ba su suna ɗaya. Mita biyu ya wuce inda iri ke kwanciya nesa ba kusa ba, domin mafi yawan irin ciyawa yana cikin 'yan santimitocin sama ne. Tsakiyar ramin sabon fili ne da bai taɓa ganin rana ba sai ranar da katafila ta buɗe shi. Gefen kuwa damina huɗu ke nan ruwa yana wanko masa ƙasar sama da iri daga bisa, wani lokaci ma direban katafila yakan ture ƙasar saman ya tara ta a baki, daga baya ta zubo. Ki raba lissafin nan gida biyu ki ga nau'i nawa ne a huɗun tsakiya su kaɗai.

Ummi_Bayoloji:
Na raba. Uku ne kawai a tsakiya, akwai kyasuwa tsilla-tsilla, da tumfafiya guda biyu, da wata 'yar ciyawa da ba mu gano sunanta ba. Sauran takwas ɗin a gefe kawai suke.

Sarkin_Noman_Rido:
Ni ban yi wannan boko ba amma saura na san ta. Shekarar farko da ka bar gona abin da za ka gani kyasuwa ce da harƙiya da tafasa, duk masu mutuwa da rani. Gamba ba ta saurin zuwa, sai gona ta ɗan huta, kuma in ka gan ta ta yi duhu to ƙasa ta fara dawowa hayyacinta. Amma itacen da kuke ƙirgawa, yawancinsa ba sabon tsiro ba ne. Kalgo da gwandar daji da taura, duk shekara muna sare su lokacin sharar gona, kututturen yana nan a ƙasa yana jira. Ka daina sara, damina biyu sun kai ƙirjinka. Ɗorawa da kaɗanya kuwa da ma ba mu taɓa su. In kun ga babbar kaɗanya a saurar shekara biyar kada ku rubuta cewa a shekara biyar ta girma, wataƙila ta girmi mai gonar.

Ku tambaye shi kuma da me yake noman. Gonar fartanya da gonar da aka tumɓuke kututture aka sa tarakta ba ɗaya suke komawa daji ba.

Hajjo_Lab:
Sarkin Noma ya gama rubuta muku rabin rahoton wallahi. Ummi, kun ƙirga manyan itatuwan cikin 27 ɗin?

Ummi_Bayoloji:
Anti mun ƙirga, ɗorawa ɗaya da kaɗanya biyu. Kuma a saurar ne kaɗai muka ƙara fili mai mita 10 a kan 10 don itatuwa.

Hajjo_Lab:
To 27 da 11 da 6 ba sa kwatantuwa yadda suke. A saura kun leƙa murabba'in mita 110, a sauran wuraren 10 kacal. Duk wanda ya faɗaɗa wurin dubawa zai ƙara samun nau'i ko da filin iri ɗaya ne. Ki yi tebur biyu, ɗaya na ciyayi daga ƙananan kwadarat kaɗai a duka wuraren, ɗaya na itatuwa. A na itatuwan ki sa gurbi uku: wanda aka bari tsaye tun lokacin noma, wanda ya toho daga kututture, da wanda ya fito daga iri. Bambance biyun ƙarshe sai da tono. Ki kama gindin ki buɗe ƙasa kamar tafin hannu. In kara siriri ne kamar yatsa amma ƙarƙashinsa dunƙulen itace ne kamar damtse, da tabon sara ko na wuta, toho ne. Mai fitowa daga iri saiwarsa ba ta fi kararsa kauri sosai ba. Ki dai yi hattara da wasu irin su doka da maje, suna fitar da toho daga saiwar da ta yi nisa da uwar, sai ki ɗauka sabon tsiro ne har sai kin tona kin ga saiwa kwance ta wuce.

Ni da wannan teburin zan fi yarda a kan kowane dogon bayani, domin shi ne ke nuna dalilin da ya sa saura ke sauri.

ƊanKawo_99:
Na karɓi gyara a kan ramin. Amma jerin da na kawo na dutse fa? Shi ne a kowane littafi.

Baba_Gandu:
Yana cikin littafi, kuma laikin ɗin akwai shi a duwatsunmu. Sai dai ka hau Kufena a Zariya ko duwatsun Kajuru ka duba da idonka. Baƙin nan da ya lulluɓe dutse, wanda mutane ke ɗauka launin dutsen ne, yawancinsa sayanobakteriya ne, wato ƙananan halittu masu haɗa abincinsu da hasken rana. Ka fasa ɓallin dutsen ka ga cikinsa fari-fari ne ko ja-ja. Su ne 'yan farko, wasunsu ma suna kamo naitirojin daga iska. Bayansu abin da ya fi ɗaukar ido shi ne tabarmar nan ta wata ciyawa dangin aya, sunanta a littafi Afrotrilepis pilosa. Tana shimfiɗuwa a kan dutse tsirara, matattun ganyenta da saiwoyinta da ƙurar hunturu su taru su zama 'yar ƙasa baƙa a ƙarƙashinta. Da rani ta bushe ƙamas kamar ta mutu, ruwan farko ta koma kore cikin kwanaki kaɗan.

Inda jerin littafi ke karyewa shi ne tabarmar ba dole ta zama daji ba. Wuta ta cinye ta, ko ta yi nauyi da ruwa ta sulluɓe daga gangare, dutse ya koma tsirara a sake sabon lale. Itacen da ka gani a kan dutse kuma sau da yawa bai bi ta kan tabarma ba. Tsuntsu ko jemage ya yar da irin ɓaure a tsaga, saiwa ta bi tsagar ta sami danshi. Wannan bai jira laikin ba balle gansakuka.

Ummi_Bayoloji:
Baba mun ga tabarmar! Har wani ɗan ajinmu ya ɗaga gefenta kamar darduma. Mun soka sanda, kaurin ƙasar daga santimita 2 a baki zuwa 8 a tsakiya. To zan iya jera su in ce dutse tsirara shi ne mataki na ɗaya, bakin tabarma na biyu, tsakiya na uku, tsaga mai itace na huɗu?

Malama_Zee:
Za ki iya, amma ki faɗa a fili cewa zato ne. Kun je rana ɗaya ne, ba ku ga wani mataki ya koma wani ba. Abin da kuka yi shi ne ɗaukar wurare daban-daban a matsayin shekaru daban-daban, kuma hakan yana tsayawa ne kawai in wuraren sun fara daga hali ɗaya. Tsagar da ke tara ruwa da santsin dutse mai gangare ba su taɓa zama ɗaya ba. Uku na farkon na yarda, tunda tabarma daga bakinta take faɗaɗa. Na huɗun ki cire shi daga jerin.

Akwai kuma abin da nake yawan jan layi a kansa in ina duba irin wannan rahoto. Taken ya ce bayan wani abu ya share fili. To yaushe aka share fan? Ba wanda ya sani, ba shi da ranar farawa. Saura tana da shekara biyar, rami huɗu. Waɗannan biyun su ne sa'annin juna, ruwan sama ɗaya suke sha, makwabta ne. In ni ce ke, tsakiyar rami da saura su ne zuciyar kwatancen, fan ya zo a matsayin ƙarin misali.

Injiniya_Bash:
Ni aikin titi nake yi, ramukan nan na san su. Wani da muka bari shekarun baya na koma na tarar ya zama kududdufi, shanu na shan ruwa, gefensa kore shar saboda kashin shanu. Wani kuma har yau jan fako ne kamar jiya aka tashi. Bambancin da na lura shi ne ko ruwa na kwanciya ko yana wucewa, da kuma yadda manyan motoci suka daddanne ƙasan. A takarda ana cewa a mayar da ƙasar sama in an gama, a aikace dai Allah ya kyauta.

Baba_Gandu:
Injiniya ka kawo magana. Kashin shanu taki ne kuma buhun iri ne. Irin haka aka gani a tsibirin Surtsey na ƙasar Iceland, wanda ya ɓullo daga teku a 1963. Tsiro na farko mai saiwa an gan shi a 1965, amma abin ya yi ta jan ƙafa har sai da tsuntsayen teku suka kafa sheƙa a tsakiyar shekarun 1980, suna kawo iri da kashi. Ramin Ummi yana da sauƙi a kan wannan, tunda irin kyasuwa da na tumfafiya iska ke ɗauka, kuma ga daji a bakinsa.

Sadiya_300L:
Rukuninmu ɗaya da Ummi, ni ce ta ɓangaren masu cewa na biyu ne, kuma ban sauka ba tukuna. Na yi lissafin kamanceceniya na Sørensen da aka koya mana:

```
S = 2C / (A + B)
```

A da B adadin nau'in kowane wuri ne, C kuma adadin nau'in da suka yi tarayya a kai. Rami da saura sun yi tarayya a nau'i 8, wato 16 a raba da 38, ya ba da 0.42. Rami da fa nau'i 1 kacal, 2 a raba da 17, ya ba da 0.12. Ramin ya fi kama da saura nesa ba kusa ba. Kuma marmara ai ba dutse ba ce, saiwa na iya shigarta.

Malama_Zee:
Lissafinki daidai ne Sadiya, fassarar ce ban yarda da ita ba. Na ɗaya, 38 ɗin nan tana ɗauke da itatuwan babban filin da Hajjo ta ce a ware, kuma 11 ɗin ta haɗa gefe da tsakiya. Na biyu, kamar da kika gani tana iya zama don makwabtaka ce kawai, iri na tashi daga saura ya faɗa rami. Tsirran fa kuwa sun saba da zafin dutse da ƙishirwa, ba za su yi kama da kowa ba. Lambar tana gaya miki su wa suka iso, ba ta gaya miki abin da katafila ta bari ba.

Maganar marmara kuwa kina da hujja. Ƙasa ce da ta riga ta ruɓe daga dutse, ba sai an jira dutse ya farfashe ba, shi ya sa za ta fi fa sauri. Akwai masanan da ke kallon abin a matsayin tsani mai hawa-hawa maimakon akwati biyu, kuma ramin nan a tsakiyar tsanin yake. Ni dai na fi karkata ga na farko saboda babu iri babu saiwa.

Hajjo_Lab:
Tunda kuna da sati uku a gaba, ku gwada mana. Ku yanko ƙasa mai santimita 10 a kan 10, zurfin 5, guda biyar daga kowane wuri: saura, gefen rami, tsakiyar rami. Ku baza kowane kashi a faranti mai huji a kan yashin da kuka gasa, kaurin kada ya wuce santimita 2. Faranti na huɗu yashin gasasshe kaɗai, shi ne zai tona asirin irin da iska ta kawo muku a gida. Ku rufe da gidan sauro, ku riƙa ba da ruwa kullum, duk wanda ya fito ku ƙirga ku cire. Yanka biyar murabba'in mita 0.05 ne, don haka abin da kuka samu ku ninka da 20.

Sarkin_Noman_Rido:
Ku kula da kaji. Kuma wanda ya ce saura kullum sauri take, bai haɗu da tofa ba. Akwai gefen gonata da ta kama, shekara da shekaru ba abin da ya iya kutsawa, saiwarta ta saƙe ƙasa, wuta ta ci ta kuma ita ce farkon fitowa.

Baba_Gandu:
Sarki, wannan ma yana da gurbi a karatunsu. Masana biyu, Connell da Slatyer, a 1977 sun ce na farkon zuwa yana iya share wa na baya hanya, ko ya zamana bai dame shi ba, ko ya tare masa hanya. Tabarmar dutse da ke tara ƙasa misalin mai share hanya ce, tofarka mai tarewa.

Wutar kuma kada a manta da ita a rahoto. Saurar nan in ana ƙona ta duk rani, ba share ta aka yi sau ɗaya aka bari ba. A gandun Olokemeji da ke kudu maso yamma an ware filaye tun 1929, wani ana ƙona shi farkon rani, wani ƙarshen rani, wani an hana shi wuta. Wanda aka hana wuta ya rufe da itatuwan kurmi, na ƙarshen rani ya zauna fili mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Can ya fi mu ruwa, kada ki ce Kujama ma kurmi za ta zama. Ki dai duba gindin itatuwan ko da baƙin wuta, ki tambayi mai gonar.

Ummi_Bayoloji:
Na dawo da labari bayan kwana 16. Saura ta fitar da tsiro 43, wato 860 a murabba'in mita. Gefen rami 19, wato 380. Tsakiyar rami 2, farantin yashi 1. Mun koma mun tona ƙananan itatuwa 20 a saurar, 17 toho ne daga kututture ko saiwa. Mai gonar ya ce fartanya da garmar shanu yake amfani da su, kuma wuta ta shiga sau uku.

Sadiya_300L:
Amma a Oktoba muka ɗebi ƙasar, ciyawar bana ta fara zubar da iri. 19 ɗin gefe ta yaya za mu san na tsohuwar ƙasar sama ne ko na bana? Kuma tafasa ko ɗaya ba ta fito ba alhali ga ta nan cike da saurar.

Hajjo_Lab:
Ba za ku sani ba da wannan gwajin, ku rubuta hakan a matsayin iyakarsa. Tafasa ɓawon irinta tauri gare shi, ba ta fitowa a sati biyu don kin ba ta ruwa, saboda haka 860 ɗin ma ƙasa da gaskiya ne. Kuma saura ɗaya da rami ɗaya kuka auna, ku ce wannan ramin, kada ku ce ramukan marmara.

Ummi_Bayoloji:
Mun shirya zan rubuta tsakiyar a matsayin na farko, Sadiya za ta sa sakin layi na hujjarta a ƙarƙashi, gefen kuma har yanzu ba mu ba shi suna ba. Baba Gandu, 'yar ciyawar nan ta tsakiya da ba mu gano ba, na matse ta a jarida ta bushe. In na turo hoto za a iya gane ta ko sai da kanta mai iri?

Baba_Gandu:
Sai da kan. Ganye kaɗai ba ya raba ciyawa. In ba ki tsinko da shi ba ki koma kafin a sa wuta.